Ina Injiniyan Sadarwa Yake Samun Aiki? Jawabin Makon Farko

A makon farko na sabon zangon karatu, bayan an gama rajista an raba ɗakunan kwana, akan tara sababbin ɗaliban sashen injiniyancin sadarwa a zaure ɗaya domin shugaban sashe ya yi musu maraba. Haka al'adar take a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya. Idan aka tambayi matasan nan inda suke burin yin aiki, amsar ba ta cika wuce sunaye uku ba: MTN, Airtel ko Glo. Shugaban sashen da ya san kasuwar yakan soma jawabinsa da gyara wannan tunani, domin kaso mai tsoka na aikin sadarwa a yau ba a hannun kamfanonin da sunansu ke bisa katin waya yake ba.

Yakan kafa hujja da ɗan tarihi. Kafin shekarar 2001, layukan NITEL da ke faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun shekarar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma zuwa Agusta MTN da Econet sun fara aiki. Glo ya shigo a 2003, Etisalat a 2008. A wancan zamani kamfanin waya shi ne mai ƙarfen sabis, shi ne mai janareta, shi ne mai ɗaukar injiniyan da zai kula da su. Abin ya sauya a 2014, lokacin da MTN ya sayar wa kamfanin IHS da turakunsa kimanin 9,000, Airtel kuma ya ƙulla cinikin nasa kimanin 4,800 da American Tower. Tun daga nan kamfanonin waya suka koma 'yan haya a kan turakun. Su kansu na'urorin da ke rataye a sama, Huawei ko Ericsson ko Nokia ko ZTE ne ke ƙera su, sau da yawa ma su ke kula da su bisa kwangila, sannan su raba aikin ga ƙananan 'yan kwangila. Ɗalibin da ya kammala ya zauna yana jiran tallar neman ma'aikata daga kamfani ɗaya, ya bar ƙofofi da dama a buɗe bai ƙwanƙwasa ba.

Hanyar da ta fi shiga kan ɗalibai ita ce a ɗauki matsala guda a bi ta daga farko zuwa ƙarshe, a ga ko hannun wa da wa take ratsawa. A ƙaddara da tsakar dare sabis ya ɗauke a wani gari da ke bakin babbar hanya.

Wanda zai fara sani ba ya garin. Yana zaune a cibiyar sa ido, wataƙila a Legas, gaban manyan allunan kwamfuta, kuma aikin karɓa-karɓa yake yi dare da rana. Abin da ke gabansa shi ne ya gane irin ciwon kafin ya tashi kowa daga barci. Na'urorin da ke gindin turke da wutar batir mai bolt 48 suke aiki. Wutar gari ko ta janareta ko ta hasken rana cajin batiran take yi tana kuma ciyar da na'urorin. Saboda haka in matsalar wuta ce, ba ta zuwa kwatsam. Za a ga gargaɗi ya fito cewa wutar gari ta ɗauke, wani ya biyo cewa janareta ya ƙi tashi, sai ƙarfin batir ya riƙa sauka sannu a hankali har ya doshi bolt 43, inda na'urar kariya ke yanke wutar don kada batiran su lalace. Turke ɗaya ne zai mutu, maƙwabtansa na nan lafiya. Amma in turaku goma sha biyar suka mutu a cikin sakan ɗaya, duk a jere a kan hanya guda, allo kuma ya nuna LOS, wato haske ya daina isowa, to ba man janareta ne ya ƙare ba. An yanke faiba.

A nan shugaban sashe yakan daɗe, kuma ya cancanci ya daɗe. Faiba zaren gilashi ne, kaurinsa bai wuce na silin gashi ba, kuma haske ne ke ɗauke da magana da hoto a cikinsa. Ana binne shi a gefen titi cikin bututu, abin da ya sa motar haƙa ta masu aikin hanya ta zama babbar abokiyar gabarsa. Injiniyan da aka tura ba zai tone kilomita hamsin yana lalube ba. Yana da na'ura mai suna OTDR, wadda ke harba ɗan haske cikin zaren ta saurari dawowarsa daga inda ya karye. Haske na gudun kusan kilomita 200,000 a sakan a cikin gilashi, wato mita 200 a kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. In ya dawo bayan irin waɗannan kaso 120, ya yi tafiyar kilomita 24 zuwa da dawowa, ke nan karayar tana kilomita 12 daga inda injiniyan yake tsaye.

Sai dai sabon shiga yakan sha wuya a nan. Ya shiga mota ya auna kilomita 12 a titi, ya sa a yi haƙa, ya tarar da waya lafiya ƙalau. Dalili kuwa, na'urar tsawon zare take aunawa, ba tsawon titi ba, kuma a kowane ramin haɗi akan naɗe rarar waya a ajiye saboda gyaran gaba. Wurin karayar yakan kasance kusa fiye da lissafin. Wanda ya ƙware taswirar shimfiɗar wayar yake buɗewa, ya nemo ramin haɗin da ya fi kusa da adadin, ya fara daga can. In an samu wurin, sai a feɗe wayar, a goge kowane zare da barasar gogewa, a datse bakinsa daidai, a sa a injin da ke narkar da bakin biyu ya haɗe su. Waya ɗaya na iya ƙunsar zare 24 ko 48 ko fiye, kowanne da launinsa, kuma dole shuɗi ya koma wa shuɗi. Haɗi mai kyau ba ya cin fiye da kashi ɗaya cikin goma na desibel. Lambar ta yi kama da ƙarama, amma duk desibel 3 da aka rasa rabin hasken ne ya tafi, kuma zaren da kansa yana cin kusan desibel 16 a tafiyar kilomita 80. Haɗi biyar ko shida da aka yi da gaggawa cikin ƙura sun isa su sa layin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa har tsawon watanni, ana ta zargin na'urori.

Wannan aiki ne na cikin rana da laka, kuma ta nan ne da yawa suke shiga sana'ar. Shugaban sashe mai gaskiya ba ya ɓoye wa ɗalibai cewa albashin farko a wurin ɗan kwangila ba shi da yawa, kuma kiran gaggawa bai san ranar Salla ba. Abin da ya sa duk da haka ake ba da shawarar a fara daga fili shi ne, wanda ya taɓa haɗa zare da hannunsa ya fi iya tsara hanyar faiba in ya koma ofis. Shi zai nace a shimfiɗa ta a zagaye, ta yadda in an yanke ɓangare ɗaya saƙo zai juya ta ɗayan. Amfanin irin wannan tsari ya fito fili a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da hada-hadar banki suka tsaya cak a wurare da dama, kamfanoni suka shiga neman wasu wayoyin da za su karkatar da saƙonni a kai.

Akwai kuma korafin da ba ya kunna gargaɗi a kowane allo: sabis cike a waya, amma kira na yankewa a kusurwar kasuwa. Wannan na injiniyan rediyo ne. Yawancin turaku na ɗauke da eriya masu fuska uku, kowace na kallon digiri 120. Injiniyan yakan zaga unguwa a mota da waya da kwamfuta yana auna ƙarfin sigina titi bayan titi, kuma sau da yawa maganin bai wuce a sunkuyar da eriya ɗaya da digiri biyu ko uku ba, don ta daina kutsawa yankin maƙwabciyarta. Wannan reshe yana son lissafi, shi ya sa malamai ke gargaɗin kada a raina darussan lissafi da na igiyoyin lantarki da maganaɗisu na shekara ta biyu da ta uku.

Su kuma manyan na'urorin tsakiya, waɗanda ke gane lambar mai kira su cire masa kuɗi, yawancinsu sun koma manhajoji a kan kwamfutoci. Mai son wannan ɓangare sai ya koyi Linux da Python da yadda ake tafiyar da saƙonni a intanet, ya kuma nemi shaidar ƙwarewa irin CCNA ta Cisco ko HCIA ta Huawei tun yana makaranta. Wannan ilimi ne ke kai mutum banki, ko cibiyar adana bayanai, ko kamfanin samar da intanet, ba lallai kamfanin waya ba.

Gwamnati ma ma'aikaciya ce a fannin. NCC na buƙatar injiniyoyin da za su raba mitocin iska su kuma auna ingancin sabis. Su ne suka shirya gwanjon 5G na Disambar 2021, inda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne. A jami'o'in Arewa akan ambaci Farfesa Umar Garba Ɗambatta, wanda ya fito daga koyarwa a Jami'ar Bayero ya shugabanci hukumar daga 2015 zuwa 2023. Hukumar na da makarantar horarwa, Digital Bridge Institute, mai reshe a Kano, ga kuma NIGCOMSAT ga masu sha'awar tauraron ɗan'adam.

Jawabin kan ƙare da abin da ya fi kusa da ɗaliban. A shekara ta huɗu cikin biyar za su fita koyon aiki na wata shida, kuma shugaban sashe yakan roƙe su kada su nemi ofishin da za a sa musu hannu a littafi su koma gida. Su nemi ɗan kwangilar da ke fita fili, ko da ba ya biya sosai, su riƙa rubuta kowane turke da suka je, da abin da ya lalace, da yadda aka gano shi. Irin wannan rubutu za a nema daga gare su in sun je rajista da hukumar COREN bayan shekaru huɗu na aiki, kuma daga cikinsa za su ciro amsa ranar da mai ɗaukar aiki ya ajiye musu hoton sakamakon OTDR a tebur ya ce su nuna inda wayar ta karye.