Sauya sama a hoto: ruwa da gilashi ne ke tona asiri

Mai ɗaukar hoton gidajen haya ko otal ya san wannan takaici. An sa masa rana, ya je da kyamara, sai ya tarar hazo ya rufe gari ko hadari ya lulluɓe sama, ta yi fari fat kamar an shafe ta da toka. Mai gida kuwa hoton almuru yake so, mai ja da ruwan goro. Dabarar sauya sama ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1857 Bafaranshen nan Gustave Le Gray yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, domin kayan aikin zamanin ba sa iya kama hasken biyun a lokaci guda. Abin da ya canza shi ne sauri. Tun Oktoban 2020 manhajar Photoshop take da umarnin Edit > Sky Replacement, wanda kan gano sama da kansa ya maye gurbinta cikin daƙiƙu. Sai dai umarnin ba ya sa sabuwar samar a cikin ruwa ko a jikin tagogi, kuma a nan yawancin hotuna ke lalacewa: sama tana ci da wuta, tafkin da ke ƙarƙashinta yana nan launin toka.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi. Gidan saukar baƙi ne mai bene, da manyan tagogin gilashi, da tafkin ninkaya a gabansa. Mai hoto ya tsaya a bakin tafkin ta gabas yana kallon yamma, kyamara a miƙe, tsayinta mita ɗaya da rabi daga ƙasa.

Aikin yana farawa daga zaɓen sama. A ranar hazo abubuwa ba su da inuwa mai kaifi, haske ya bazu ko'ina. Idan ka ɗora samar da ƙwallon rana ke bayyane a cikinta, ido zai nemi dogayen inuwoyi a ƙasa da doguwar hanyar ƙyalli a kan ruwa, ya rasa. Ni a ganina samar da ta fi dacewa ita ce wadda rana ta riga ta faɗi, ja kawai ya rage a gajimare, domin hasken wannan lokaci ma mai laushi ne. Bayan ka zaɓa, ka gyara bakin bishiyoyi da wayoyin lantarki da Shift Edge da Fade Edge, sannan a Output To ka zaɓi New Layers, don samar ta fito a leya tata da za ka iya kwafa.

Sai ruwa. Kwantaccen ruwa yana nuna samar da ke gabanka ne a kife. Saboda haka ka kwafi leyar sama da Ctrl+J, ka goge Layer Mask ɗin da kwafin ya zo da shi, ka kife shi da Edit > Transform > Flip Vertical. Tambayar ita ce a ina za a haɗa su, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne jingina kwafin a bakin tafki. Gajimare na da nisa ƙwarai, don haka hotonsa a ruwa yana daidaita ne da layin da sama ta haɗu da ƙasa, ba da bakin tafki ba. A misalinmu gini ya ɓoye wannan layi, amma ba wuya a gano shi, don kullum yana daidai tsayin kyamara. Idan ƙofar gidan mita biyu ce kuma daɓen ɗaya ne da inda mai hoto ya tsaya, layin zai ratsa ƙofar a kashi uku cikin huɗu na tsayinta. Ja layin jagora a nan. Gajimaren da ke fiksel 900 sama da layin dole ya bayyana fiksel 900 ƙasa da shi, a saitinsa.

Yanzu ka yi wa kwafin sabon Layer Mask ya tsaya a cikin ruwa kaɗai, ka kuma cire wurin da hoton ginin ya faɗa cikin tafkin, domin inda gini ya tare sama a sarari, ya tare ta a ruwa ma. Ka mayar da yanayin leyar Multiply, wanda ke rina tokar da ke wurin ba tare da ya shafe ƙananan igiyoyin ruwan ba.

Akwai wata ƙa'ida ta haske da ya kamata a riƙe. Wanda ya leƙa ruwa daga sama kai tsaye, kusan kashi 2 cikin ɗari na haske kaɗai ke dawo masa, shi ya sa yake ganin tayil ɗin ƙasan tafki. Wanda ya kalle shi a kwance daga nesa kuwa, ruwan kan koma masa madubi. Ma'ana, launin almuru ya yi ƙarfi a can ƙarshen tafkin, ya riƙa dusashewa yayin da yake matsowa ƙafar mai hoto. Gradient Tool a kan mask ɗin shi ke yin wannan. Za ka iya farawa da kashi 70 a nesa da 25 a kusa, ka ƙara ko ka rage da ido. Ko yaya dai, kada hoton da ke cikin ruwa ya fi samar kanta haske. Idan iska ta ɗan kaɗa ruwan, ka sa Filter > Blur > Motion Blur a kusurwar 90, tunda igiyoyi kan ja hoto ne daga sama zuwa ƙasa.

Gilashi kuma ya fi yaudara. Tagar da ke fuskantar kyamara tana nuna abin da ke bayan mai hoto ne. Rana ta faɗi a bayan gidan, tagogin nan gabas suke kallo, kuma samar gabas da magariba shuɗiya ce mai duhu, wani lokaci da ɗan ratsin ruwan hoda. Wanda ya cika su da jan almuru ya sa rana ta faɗi a wuri biyu ke nan. Abin yi shi ne a zagaye kowane gilashi da Pen Tool, a bar firam ɗinsa, a rage farin tokar da Curves, sannan a ɗora wata sama mai sanyin launi a yanayin Screen, da ƙarfin kashi 20 zuwa 30. Gilashi na yau da kullum kusan kashi 4 cikin ɗari yake mayarwa a kowace fuska idan an kalle shi kai tsaye, don haka labule da fitilun ɗaki su ci gaba da bayyana. Tagar gefen gini da ake hange a karkace ita ce za ta iya kama jan yamma, kuma da ƙarfi. Haka nan ka ɗan gusa gajimaren daga gilashi zuwa gilashi, don ba a taɓa kafa su a saiti ɗaya cif ba.

Kafin ka miƙa aiki, ka ɗumama launin bango da daɓe kaɗan, ka rage musu haske, ka duba gilashin mota da jiƙaƙƙen tayil na bakin tafki, su ma suna ɗauke da tsohuwar sama. Ka buɗe hoton a 100% ka bi ganyaye, nan farin zobe ke maƙalewa. Wannan duk na hoton talla ne da na ado. Hoton labari ba a sauya masa sama, kuma gasar World Press Photo kan fitar da hoton da aka ƙara wa wani abu ko aka cire masa.