Yadda Ɗan Wasan Bidiyo Ke Faɗuwa Ya Miƙe

A wasan bidiyo, mota na buge mutum sai injin Unity ya kashe Animator, ya mayar da isKinematic na kowace gaɓa zuwa false. Nan take jiki ya saki, ya zube kamar tsumma.

Tashin ne aiki. Da jikin ya lafa, sai manhaja ta duba ƙugu: rigingine ya kwanta ko rub da ciki? Kowanne da irin tashinsa. Sai ta matsar da tushen ƙashinsa inda ƙugun yake, ta haɗa kwanciyar da motsin tashi cikin kusan rabin daƙiƙa. In an manta matsarwar, mutumin zai yi wuf ya koma inda aka buge shi.