Ina kuɗin sadakarmu suka shiga?

Duk wanda ya tura wa wata ƙungiya kuɗin ciyarwa yana da haƙƙin sanin inda suka shiga. Hanya mai sauƙi ta ba shi amsa ita ce jerin hotunan nan da ake ja da yatsa a Instagram, wanda ake kira carousel. Tun 2024 yana ɗaukar hoto har 20, amma biyar ko shida sun wadatar, kowanne da magana ɗaya tak.

A ɗauka, a misali, wata ƙungiya ta tara naira 2,000,000 don buɗa-baki, ta raba kwano 100 kullum har kwana 30. Hoton farko ya faɗi abin da ya shigo da lokacin da aka tara shi. Kuɗin da suka shiga asusu kaɗai ake rubutawa, ban da alkawarin da ba a cika ba.

Hoto na biyu shi ne zuciyar aikin. Kayan abinci sun ci 1,500,000, itace da mazubi 200,000, dako da man mota 150,000, ladan masu girki 100,000, sannan 50,000 suka rage a asusu. Da yake miliyan na da wuyar kamawa a ka, sai hoto na uku ya mayar da lissafin kan naira 1,000: abinci 750, itace da mazubi 100, dako 75, masu girki 50, ragowa 25. Mai karatu ya haɗa da kansa. In bai cika dubu ba, akwai abin tambaya.

A nan wasu ke zamewa, su ce kowane kwabo ya shiga bakin mabuƙata. To wa ya sayi itacen? Ni ban ga abin kunya a biyan matar da ta yini gaban murhu tana azumi ba. Ko a zakka, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ware wa ma'aikatanta kaso. Ɓoye wannan kuɗi ke sa a ce kwano ya tsaya a naira 500, alhali in aka raba 1,950,000 da aka kashe kan kwano 3,000, gaskiyarsa 650 ne. Kuma kwano 3,000 ba mutum 3,000 ba ne, domin wanda ya karɓa jiya shi zai dawo gobe.

Hoton tukunya ko layin mazubi ya isa shaida. Ba sai an nuna fuskar mai karɓa ba, balle ta maraya.

Roƙo ya zo a ƙarshe, cikin lalama: naira 650 na ba mutum ɗaya buɗa-baki, wanda ba shi da hali ya tura wa wani saƙon. A ƙasa a sa lambar asusu mai sunan ƙungiyar, ba na shugabanta ba, da ranar da za a fitar da lissafi na gaba, har da bayanin 50,000 ɗin da suka rage.