Ranar da Odita Zai Shiga Sito

A shekarar 1938 asirin kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya tonu a Amurka: kayan kusan dala miliyan 10 da ke rubuce a littattafansa babu su a ko'ina. Masu binciken kuɗin kamfanin takardu kawai suke dubawa, ba su taɓa leƙa sito ba. Tun daga nan aka wajabta wa odita na waje ya je ya ga ƙidayar kaya da idonsa, kuma yau ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya mai lamba 501 ce ke ɗauke da wannan sharaɗi, muddin kayan na da yawan da zai shafi lissafin kamfani.

Ƙidayar aikin ma'aikatan kamfani ce. Shi odita yana lura da yadda suke yi, sannan ya gwada wasu wurare da kansa.

A ɗauki siton shinkafa ranar 31 ga Disamba. Takarda ta ce tarin da ke kusurwa buhu 1,200 ne: goma a tsawo, takwas a faɗi, hawa goma sha biyar. Odita zai lissafa, amma ba zai tsaya nan ba. Zai sa a hau sama a janye buhuna, domin tari yakan cika a gefe alhali cikinsa rami ne. Yana iya sa a ɗora buhu a sikeli a ga ko ya kai kilo 50. Daga nan sai ya juya gwajin, ya zaɓi wani tari da kansa ya nemo shi a takarda. Gwajin farko yana kama kayan bogi, na biyu kuma kayan da aka tsallake.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bakin ƙofa. Idan an sayar da tirela guda, buhu 600, an rubuta cinikin amma motar ba ta yi lodi ba, aka kuma ƙirga buhunan, to kamfani ya ci riba da baki biyu. Shi ya sa odita ke rubuta lambar takardar ƙarshe ta shigar kaya da ta fitarsu, ya bi sawunsu daga baya. Yana kuma neman buhunan da ruwa ya taɓa ko ƙwari suka ci, tunda ba za a rubuta su a kan kuɗin sayensu ba idan ba za su sayu haka ba.

Shiri kuwa tun kafin ranar ake yinsa. A rubuta wa masu ƙidaya umarni, a jera kaya iri-iri, a ware lalatattu da na ajiyar mutane a sa musu alama, a dakatar da lodi da saukewa. Takardun ƙidaya su zo da lambobi a jere, kuma kada a rubuta adadin littafi a kansu, don mai ƙidaya da ya gaji kwafewa zai yi. Mutum biyu-biyu ake haɗawa, ɗaya na ƙirga ɗaya na rubutu. Mai kula da siton ya nuna hanya, amma kada alƙalami ya shiga hannunsa.