Santimita 13: Abin da masu tallan maganin “ƙarin girma” ba sa faɗa wa samari

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota a tasha ya san muryar mai lasifika da ke tallan maganin ƙarin girman mazakuta. Samari su yi ta dariya, amma da an watse sai ka ga wani ya zagaya ya saya a ɓoye. Wani abokina da bikinsa ya matso ya faɗa min cewa tsoron nan ya fi kuɗin lefe hana shi barci.

To wai nawa ne daidai ɗin? A shekarar 2015, likita David Veale da abokan aikinsa a Landan sun tattara awon maza sama da 15,000 suka wallafa a mujallar BJU International. Ma'aikatan lafiya ne suka yi awon, ba masu abin ba, don kowa ya san namiji da ƙari. Matsakaicin tsawo idan gaba ya miƙe santimita 13.12 ne, inci biyar da ɗan wani abu ke nan. A kwance kuwa santimita 9.16. Kusan tara cikin goma suna tsakanin santimita 10 da 16. Wanda likitoci ke kira ƙarami na haƙiƙa shi ne wanda bai wuce kamar santimita 7 ba a miƙe, kuma ba kasafai ake samunsa ba.

Ido ma yana yaudara. Kai daga sama kake kallon naka, sai ya yi maka gajarta, kuma idan akwai teɓa, kitsen mara kan binne wani sashe. Shi ya sa ake awo ta sama, a danna ma'auni har ƙashin mara. Sannan masu fina-finan batsa zaɓo su ake yi, kyamara ta ƙarasa sauran.

Babbar illar tana wajen saduwa. Miƙewa na buƙatar jiki ya saki, jijiyoyi su buɗe, jini ya cika gaba. Fargaba kuwa tana sa jiki ya fitar da sinadarin adirinalin, wanda ke matse waɗannan jijiyoyin. Ɗauki ango a daren farko: hankalinsa ba ya kan amarya, yana kan “ko ta raina ni?” Sai gaba ya kwanta, ko ya yi saurin kawowa. Washegari ya zo da tsoro biyu, na girma da na abin da ya faru jiya. Ita kuma ta ɗauka ba ta burge shi ba ne.

Akwai alamar da ke taimakawa. Idan kana tashi da asuba gaba a miƙe, amma sai wajen iyali abin ya gagara, galibi matsalar daga tunani take. Idan kuwa ya daina miƙewa ko da yaushe, je ka ga likita a duba sukari da hawan jini.

Su kuma ƙwayoyi da man shafawar nan, babu wanda bincike ya tabbatar yana ƙara tsawo. An sha gano wasunsu da sinadarin Viagra a ɓoye, wanda ke da hatsari ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya.