Dankalin Turawa Mai Kore: A Kula da Gubar Solanin

Dankalin turawa da ake kawowa kasuwar Wunti da ta Muda Lawal daga Jos, idan ya daɗe a rana ko a fili, bawonsa kan yi kore, ya kuma fitar da tsiro. Koren ba shi ne gubar ba, alama ce cewa solanin, sinadarin da dankalin ke kare kansa da shi daga ƙwari, ya ƙaru.

Kaɗan daga cikinsa jiki na iya ɗauka. In ya haura miligiram 200 a kilo ɗaya, yakan raunata bangon hanji, ya dagula aikin jijiyoyi, sai amai, gudawa da ciwon ciki. Dafawa ba ta kashe shi.

Uwargida, ki fere da zurfi, ki ƙwaƙule tsiron. In kika ji ɗaci, zubar da shi, musamman saboda yara.