Kafin Ka Ja Layin Jadawalin Bita

Da zarar jarrabawar WAEC ta ƙarato, ɗan aji shida na sakandare yakan samo farar takarda da rula, ya raba mako gida-gida: Litinin Lissafi, Talata Turanci, kowane darasi awa biyu. Jadawalin ya yi kyau a bango, amma bai san mai shi ba, domin ya ba abin da ɗalibin ya iya da abin da bai iya ba rabo ɗaya.

Tushen matsalar shi ne ido yana ruɗin mutum. Ka buɗe littafin rubutunka, ka ga misalin da malam ya warware a allo, sai zuciya ta ce, "Ai na san wannan." Gane abu idan an gan shi daban yake da fito da shi daga ka, littafi a rufe, agogo yana tafiya. Na biyun ake nema a ɗakin jarrabawa.

Don haka awo ne farko. A ɗauki takardar Lissafi ta wata shekarar baya wadda ba a taɓa dubawa ba, mai tambayoyin zaɓi 50, a amsa cikin awa ɗaya da rabi. A gefen kowace amsa a sa alama: tabbas ko canki-canka.

A ce wata ɗaliba ta yi haka ta ci 31. Za ta yi murna, tunda kashi 62 cikin ɗari ke nan. To amma a duba alamominta. A tambayoyi 30 da ta ce ta tabbata, 24 ne daidai. Sauran bakwai ɗin daga canke 20 suka fito, kuma inda zaɓi huɗu ne, ko wanda bai buɗe littafi ba yakan dace da kusan ɗaya cikin huɗu. Abin da ke hannunta 24 ne, bai kai rabi ba.

Shidan nan da ta rantse a kansu kuma ta faɗi sun fi komai haɗari. Wanda ya san bai sani ba yakan tambaya. Wanda ya riƙe kuskure da ƙarfin gwiwa kuwa har ranar jarrabawa zai kai shi. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan gaggawa ce ta sa ta yar da alamar ragi, kulawa ake buƙata. Idan kuwa huɗu daga ciki duk kan kusurwoyin da'ira ne, to ƙa'idar ce ta shiga kanta a karkace, sai an koma wurin malam.

Yanzu ne jadawali zai iya fitowa. In tana da awa goma na Lissafi a mako, shida su tafi ga da'ira da sassan da ta yi ta canke, uku ga inda take tangal-tangal, ɗaya kacal ga abin da ta iya, don kada ya yi tsatsa. Bayan mako biyu ta sake awo da takardar wata shekarar, domin wadda ta riga ta ga amsoshinta hadda kawai za ta gwada.